Takalmin Makaranta: "Ai Za Ta Girma Ta Cika Shi"

Yau a kan takalmin makaranta zan yi magana, domin ni ganau ce ba jiyau ba.

Ni 'yar Isa ce, aure ya kawo ni Sabon Birni. Bara da za a koma makaranta a watan Satumba, ɗiyata 'yar aji uku ta kawo mini sandal ɗinta, yatsu sun leƙo waje. Da yake yanzu ba kowa ke yarda ya hau hanya da yaro ba saboda rashin tsaro, maigida shi kaɗai ya tafi kasuwa. Ya dawo da lamba 34, alhali 31 ta bari.

Na ce, "Malam, wanga bai yi mata yawa ba?"

Ya ce, "Ke dai bari, ai za ta girma ta cika shi. Kullum sayen takalma za ni yi?"

Ban ja ba, don na san halin da aljihu ke ciki. Kwana huɗu da komawa sai na ga yarinya tana ɗingishi. Da na duba, bororo ne a bayan dunduniya duka biyun, ɗaya har ya fashe. Ashe tana fita zaure take cire takalmin ta riƙe a hannu, sai ta kusa ƙofar makaranta ta mayar.

Na ɗauka matsattsen takalmi kaɗai ke cin ƙafa. Wani tsohon baduku da na aika wa takalmin ya gyara mini tunani. Idan takalmi ya yi yawa, duk takun da yaro ya yi dunduniya za ta ɗaga ta sauka tana goga bayansa, ga gumi, ga yashin da ke shiga ta gefe. Wannan gugar ke raba fatar sama da ta ƙasa, ruwa ya taru. Yaron kuma zai riƙa danƙare yatsu don kada takalmin ya kwaɓe, har bayan yatsun su yi kanta.

To nawa ya kamata a bari? Kimanin faɗin babban yatsan hannu, wato wajen milimita 12 tsakanin yatsan da ya fi tsawo da bakin takalmi. Ƙafar ɗan firamare kan ƙaru da abin da bai wuce santimita ɗaya ba a shekara, don haka wannan rata za ta kai shi kusan ƙarshen shekarar karatu.

Na auna ƙafar ɗiyata, santimita 20 cif. In an ƙara ratar, cikin takalmi ya zama 21 da 'yan kai. Irin lambobin nan na 30, 32, 34, kowace lamba uku santimita biyu ce, don haka 32 ce tata. Lamba 34 ta bar mata fili sama da santimita biyu da rabi, ninki biyu na abin da ake so.

Ga yadda nake yi yanzu in ba za a tafi da yaro ba. Da yamma nake awo, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, yaro na tsaye da safarsa, dunduniya jingine da bango. Ina auna ƙafa biyun da tsinken tsintsiya in ɗauki wadda ta fi tsawo. Sannan in ƙara faɗin yatsana kafin in karya tsinken, in gaya wa maigida kada mai kaya ya sake ƙara komi. A zura tsinken cikin takalmin, ya kwanta ba lanƙwasa, ba kuma ya yi ta yawo ba. Kada a dogara da lamba, musamman a gwanjo irin wanda ake shigo da shi ta Maraɗi, wani ya buɗe, wani lambar Ingila ce.

In takalmi ya iso, a ɗaure maɗauri ko igiya, yaro ya zagaya tsakar gida. In dunduniya na fita, ya yi yawa. In ya cire kika ga jan shati a fata, nan bororo zai fito. Na fi son mai maɗauri a kan na zurawa, domin shi ke riƙe ƙafa ta bar zamewa gaba. Kada kuma a tura auduga ko takarda a baki, rata kawai take cinyewa.

Namu dai baduku ya ƙara huda biyu a maɗaurin, ya shimfiɗa soso a ciki, amma duk da haka sai da muka ajiye shi muka nemo 32. Bororon da bai fashe ba ban tsokane shi ba. Wanda ya fashe na wanke da sabulu na rufe da filasta. Da na ga mugunya ko ja yana yaɗuwa, da asibiti muka nufa.

Maigida da ya biya kuɗi sau biyu ya yi dariya ya ce, "Garin neman gira an rasa ido." Na 34 yana nan cikin kwalla yana jiran baɗi.

Allah Ya raya mana zuri'a, amin.