Layin maɓallan ƙasa da ke tsone wa mai waya ido

Yawancin manhajoji da shafukan intanet na waya suna da wani layi a can ƙasa mai ɗauke da maɓallai huɗu ko biyar: gida, bincike, saƙonni, asusu. An sa shi a nan ne domin babban yatsa ya kai gare shi cikin sauƙi. Sai dai wannan layi kan jawo matsala iri biyu. Wani lokaci mutum ya cike fom har ƙarshe, ya tarar maɓallin turawa ya ɓuya a bayan layin. Wani lokaci kuma da zarar ya taɓa gurbin rubutu, allon haruffa ya fito, sai layin ya taso ya zauna a kansa, ya rufe abin da ake rubutawa.

Tushen matsalolin guda ne. Maginin shafi yana kafe layin da umarnin `position: fixed` da `bottom: 0`. Wannan umarni yana cire layin daga jerin sauran abubuwan da ke shafin, ya manna shi a gefen ƙasa na fuskar waya, kamar sitika a jikin gilashi. Shafin bai san da zamansa ba, don haka ba ya bar masa wuri. Idan tsayin layin fiksel 56 ne, wanda shi ne awon da aka saba gani a Android, to fiksel 56 na ƙarshen shafi za su kasance a ɓoye, komai jan da mutum zai yi.

Maganin wannan mai sauƙi ne, wato a ƙara fili a ƙasan shafin daidai tsayin layin.

```css
body {
  padding-bottom: calc(56px + env(safe-area-inset-bottom));
}
```

Kashi na biyu na lissafin na wayoyi ne irin iPhone marasa maɓallin gida, waɗanda ke da ɗan zane a ƙasa da ake ja da yatsa. Shi ma yana cin wuri, dole a lissafa da shi.

Matsalar allon haruffa ta fi wuya, domin ta danganta da inda waya ta ɗauka a matsayin ƙasa. A burauzar Safari ta iPhone, allon haruffa hawa kan shafi yake yi, tsayin shafin bai canza ba, sai layin ya tsaya a bayansa. Burauzar Chrome ta Android kuwa a da rage tsayin shafin take yi, saman allon haruffa ya zama sabon ƙasa, layin ya biyo shi. Daga Chrome 108, wadda ta fito a ƙarshen shekarar 2022, Google ya sauya wannan ɗabi'a ta yi kama da ta Safari. Amma har yanzu ana ganin tsohon halin a wayar da ba a sabunta burauzarta ba, da kuma manhajojin Android da aka saita da `adjustResize`.

A ɗauki misalin ƙaramar waya da ke nuna fiksel 560 na shafi. A ce allon haruffa ya ci 280, saura 280. Kan shafi ya ɗauki 56, layin da ya taso ya ɗauki wani 56. Abin da ya rage wa mai rubutu 168 ne kacal, wanda da ƙyar zai nuna gurbi biyu. Mai shigar da lambar asusun banki a irin wannan matsi yana iya kasa ganin lambobin da ya danna, ko yatsansa ya zame kan maɓallin gida, duk abin da ya rubuta ya tafi.

Magini yana da zaɓi. A shafin intanet zai iya sa `interactive-widget=resizes-visual` cikin umarnin `viewport`, don Chrome ta bar layin a ƙasa. A manhajar Android zai iya komawa `adjustPan`, wanda ke tura shafin sama har gurbin rubutu ya bayyana ba tare da an matse shi ba. Wasu kuma ɓoye layin suke yi muddin ana cikin gurbin rubutu. Wannan dabara tana da tarko, domin a Android mutum kan rufe allon haruffa da maɓallin baya alhali gurbin yana nan a zaɓe, sai layin ya ƙi dawowa. Shi ya sa ya fi kyau a sa ido kan `visualViewport`, wanda ke bayar da ainihin tsayin da ido ke gani.

Mai waya da ya gamu da wannan ya sani ba wayarsa ce ta lalace ba. Ya fara rufe allon haruffa ya duba abin da ya rubuta kafin ya tura, musamman idan kuɗi ne, sannan ya sabunta burauzarsa. Magini kuwa kada ya tsaya ga gwaji a kwamfuta, domin a can allon haruffa ba ya fitowa. Ya ɗauki ƙaramar Android da iPhone, ya taɓa gurbin ƙarshe na fom, ya kuma ja shafin har ƙasa ya tabbatar maɓallin turawa yana fitowa sarai.