Laifi ɗaya, hukunci biyu: yadda ake auna bambancin hukunci a kotu, da yadda za a gane binciken da ya yi tuntuɓe

A tasha ko a bakin kasuwa, daga Sae Sabuwa har Gidan Rumji, Agiye da Gazawa, ba a rasa mai ba da labarin mutum biyu da suka yi laifi iri ɗaya, ɗaya ya koma gida, ɗaya ya shekara a gidan kaso. Mai ba da labarin yakan rufe da cewa kuɗi ne, ko kuma sanayya. Wani lokaci yana da gaskiya. Amma masu binciken shari'a sun shafe fiye da shekara 50 suna auna wannan bambanci, kuma abin da suka gano shi ne sau da yawa ba a ranar yanke hukunci yake farawa ba.

Filin da doka ta bar wa alƙali

Kundin hukunta laifuffuka na Nijar, wanda aka kafa a 1961 aka yi masa babban gyara a 2003, bai yanke adadi guda ga kowane laifi ba. Yana sa ƙasa, yana sa sama. A wannan kundi, sata wadda ba a haɗa ta da makami ko fasa gida ba tana da ɗaurin shekara 1 zuwa 3, da tarar jika 5 zuwa jika 100 na sefa. Tsakanin ƙasa da sama akwai wata 24, kuma alƙali ne ke zaɓar inda zai tsaya.

Filin ya ma fi haka faɗi. In alƙali ya ga akwai dalilan sassauci, yana iya sauka ƙasa da mafi ƙarancin da aka rubuta. Yana iya yanke ɗauri ya jingine shi, abin da ake kira sursi, mutum ya koma gida bisa sharaɗin kada ya sake. In kuwa an taɓa ɗaure mutum ya maimaita, doka ta ba da damar a tsananta. An yi haka da gangan, domin wanda ya ɗauki tiya biyu ta hatsi lokacin bazara da wanda ya mai da sata sana'a bai kamata a auna su da mudu ɗaya ba.

Saboda haka bambancin hukunci shi kaɗai ba hujjar zalunci ba ne. Abin da masu bincike ke nema shi ne bambancin da ya rage bayan an cire dalilan da doka ta yarda da su, wato nauyin laifi, maimaitawa, amsa laifi da biyan wanda aka cuta. Abin da ya saura, in ya bi talauci, ƙabila, jinsi ko halin alƙalin da aka faɗa hannunsa, shi ne matsalar.

Abin da ya faru inda aka ɗaure hannun alƙali

A Amurka aka fi nazarin wannan. A 1974 an ba alƙalan tarayya 50 takardun shari'o'i 20 iri ɗaya, aka ce kowa ya yanke hukunci. A ɗaya daga cikin shari'o'in, wani alƙali ya ba da shekara 3, wani ya ba da shekara 20. Irin wannan sakamako ya taimaka wajen kafa dokar 1984, kuma daga 1987 aka fara aiki da jadawali: matakan nauyin laifi 43 a gefe guda, rukunin tarihin mai laifi 6 a ɗaya gefen, inda suka haɗu nan hukunci yake.

Jadawalin ya rage saɓani tsakanin alƙalai, amma ikon zaɓi bai ɓace ba, wuri ya sake. Tunda sunan laifi ne ke yanke yawan shekaru, sai ƙarfi ya koma hannun mai shigar da ƙara, wanda shi ke zaɓar sunan da za a ba laifin. A 2005 Kotun Ƙolin ƙasar, a shari'ar Booker, ta mai da jadawalin shawara ba tilas ba. Faransa ma, wadda tsarin shari'ar Nijar ya samo asali daga nata, ta kafa mafi ƙarancin hukunci ga masu maimaita laifi a 2007, ta soke shi a 2014.

Misali da lissafi: kotu biyu, dosiye 200

Lambobin da ke tafe na koyarwa ne kawai, ba daga rajistar wata kotu aka ɗauko su ba. A ɗauka wani ɗalibi ya duba dosiye 100 na sata a kotun farko, da wasu 100 a kotu ta biyu. A ta farko mutum 70 sun sha ɗauri na zama a kaso, a ta biyu mutum 40. Ɗalibin ya rubuta cewa alƙalin farko ya fi tsanani.

Sai wani ya sake buɗe dosiyoyin ya raba su gida biyu: waɗanda aka kawo gaban alƙali daga gidan kaso, da waɗanda suka zo daga gidajensu. A kotun farko 80 a tsare aka kawo su, 64 daga ciki aka ɗaure. 20 sun zo da ƙafarsu, 6 aka ɗaure. A kotu ta biyu 20 ne a tsare, aka ɗaure 16. 80 sun zo daga gida, aka ɗaure 24. In aka yi lissafi, a kotunan biyu kashi 80 cikin 100 na waɗanda ke tsare sun sha ɗauri, kashi 30 na waɗanda ba a tsare ba. Alƙalan biyu aiki ɗaya suke yi. Abin da ya bambanta shi ne irin mutanen da ake kawo musu.

A nan ne mai bincike na biyu yakan yi nasa kuskure. Zai ce ashe babu bambanci, a rufe magana. Amma tambayar ba ta mutu ba, baya ta koma: me ya sa aka tsare 80 a nan, 20 a can? Ɗaya daga cikin abubuwan da ake dubawa kafin a bar mutum ya jira shari'a a gida shi ne tabbacin zai dawo ranar da aka kira shi. Magidanci mai gona da gida a Sae Sabuwa, wanda maigari ya san shi, yana da wannan tabbaci. Makiyayi mai wucewa, ko ɗan ci-rani da ya tsallako daga wajen Jibiya, ba shi da shi, ko da laifinsu ɗaya. Wanda kuma aka kawo daga kaso bai samu damar neman shaidu ko biyan mai kaya ba, kuma alƙali na iya yanke masa ɗaurin da ya yi daidai da watannin da ya riga ya zauna. A Nijar, inda rahotanni suka daɗe suna nuna cewa fiye da rabin mazauna gidajen kaso jiran shari'a suke, wannan mataki ba ƙaramin abu ba ne.

Ke nan duk binciken da ya kwatanta tsararre da tsararre kawai ya share hanyar da talauci ke bi ya shiga hukunci. Haka ta faru a Amurka. Hukumar tsara hukunci ta ƙasar ta bayyana a 2017 cewa maza baƙar fata na samun ɗaurin da ya fi na farare tsawo da kashi 19.1 cikin 100. Masu bincike biyu, Sonja Starr da Marit Rehavi, sun riga sun bi shari'o'i tun daga ranar kamu maimakon ranar hukunci. A aikinsu na 2014 sun samu tazarar kusan kashi 10, kuma babban ɓangarenta ya fito ne daga irin tuhumar da masu shigar da ƙara suka zaɓa. Inda aka fara ƙirga yana sauya adadin, yana kuma sauya wanda za a nuna wa yatsa.

Dosiyen da bai kai kotu ba

Akwai wani giɓi da ya fi shafar karkara. Rajistar kotu tana ɗauke da waɗanda suka iso kotu kawai. Rigingimu da yawa a ƙauyukan jahar Maraɗi suna mutuwa a zauren maigari ko na sarki, ko a ofishin jandarma, bayan dangi sun biya. Wanda ke da dangi da abin biya ba ya shiga lissafi sam. In mai bincike ya ga masu hali ƙalilan da suka kai kotu sun sha hukunci daidai da talakawa, yana iya cewa babu fifiko, alhali waɗannan ƙalilan su ne masu laifin da ya yi nauyin da sulhu ya kasa.

Maganar lauya ma haka take. Mafi yawan lauyoyin ƙasar a Yamai suke zaune, kuma don rage wannan giɓi aka kafa hukumar tallafin shari'a ta ANAJJ a 2011. In bincike ya nuna masu lauya sun fi samun sassauci, sai a tambaya ko lauyan ne ya jawo, ko kuwa mai iya ɗauko lauya shi ne dama mai iya biyan diyya.

Darasin alƙalai masu jin yunwa

A 2011 wani bincike ya zagaya duniya. An duba shawarwari 1,112 na alƙalai 8 a Isra'ila kan buƙatun fursunoni, galibi na neman saki kafin wa'adi. An ga a farkon zama ana amincewa da kusan kashi 65 cikin 100, sai abin ya yi ta raguwa har kusan sifiri kafin hutun cin abinci, bayan hutu ya sake hawa. Jaridu suka ce yunwa ke yanke hukunci. A shekarar kuma wasu masana suka nuna cewa ba a jera shari'o'in da ka ba: fursunonin da ba su da lauya, waɗanda dama ba su cika samun saki ba, sukan zo a ƙarshen zama. Masu binciken farko sun kare aikinsu, muhawara ta ci gaba, amma darasin ya zauna. Kafin a kwatanta alƙali da alƙali, ko safiya da rana, dole a san yadda ake raba dosiye. A babbar kotu mai alƙalai da yawa ana iya bin wannan. A ƙaramar kotun gunduma, inda alƙalai ba su da yawa, da wuya a raba halin alƙali da halin yankin da yake aiki.

Abin da mai karatu zai tambaya

Duk ranar da wata ƙungiya ko jami'a ta fito da adadi kan kotunan yankin, abu huɗu sun isa a gwada shi. Daga wane mataki aka fara ƙirga, kamu ko hukunci? An raba waɗanda ke tsare da waɗanda ba a tsare ba, kuma an bincika dalilin tsarewar? Me aka auna, shiga kaso ko tsawon wata, tunda matsakaicin tsawon ɗauri yana ɓoye waɗanda aka yi wa sursi? Dosiye nawa ne, domin a cikin 15 shari'a biyu masu nauyi sun isa su karkatar da sakamako duka?

Ga iyalin da aka kama musu ɗa kuwa, lissafin nan yana da amfani na kai tsaye. Kwanakin farko, tsakanin ofishin jandarma da teburin mai shigar da ƙara, su ne masu nauyi. Takardar shaidar mazauni, dattijon da zai tsaya wa mutum, da biyan mai kaya tun da wuri, suna iya raba wanda zai je gaban alƙali daga gidansa da wanda za a kawo daga kaso.