Gubar da ke kashe rabi: yadda ake fitar da LC50

Kusan duk rahoton ɗakin gwaje-gwaje kan guba a ruwa yana ɗauke da wata lamba da ake rubutawa LC50. Ma'anarta ita ce yawan gubar da, idan ta narke a ruwa, za ta kashe rabin halittun da aka sa a ciki a tsawon lokacin da aka ƙayyade. An zaɓi rabi ne domin ƙwaro na farko da ya mutu wataƙila dama mai rauni ne, na ƙarshe kuma mai taurin rai ne. Tsakiyar ce ba ta cika sauyawa ba idan an maimaita gwajin.

Ɗaya daga cikin halittun da aka fi amfani da su ita ce Daphnia magna, wani ɗan mitsitsin ƙwaron ruwa, dangin jatan lande, da ake wa laƙabi da ƙumar ruwa. A ƙa'ida ta 202 ta ƙungiyar OECD, ana ɗaukar 'ya'yan da ba su kai awa 24 da haihuwa ba, a sa aƙalla 20 a kowane matakin guba, biyar-biyar a kofi huɗu. Matakan aƙalla biyar ne, sai kuma kofunan shaida waɗanda ba guba a cikinsu. Ana barin su awa 48 ba abinci, a ruwan da zafinsa ke tsakanin digiri 18 da 22. Da yake tabbatar da mutuwar irin wannan ƙwaro yana da wuya, sai a girgiza kofin a hankali. Wanda bai yi iyo ba cikin daƙiƙa 15 an lissafa shi ya sandare. Shi ya sa a wannan gwajin ake rubuta EC50, amma lissafin ɗaya ne.

A ɗauka ɗaliba ta haɗa miligiram 1, 2, 4, 8 da 16 na wani maganin feshi a kowace lita. Bayan awa 48, cikin ashirin-ashirin, sai ta tarar 1, 4, 8, 15 da 20 sun mutu, kofunan shaida kuwa lafiya lau. Wato kashi 5, 20, 40, 75 da 100 cikin ɗari ke nan. In ta zana wannan a takarda, layin zai fara a kwance, ya hau da sauri, ya sake kwanciya a sama. Babu matakin da ya kashe rabi daidai, amma rabin yana tsakanin 4 da 8.

Daga kashi 40 zuwa 75 tazarar 35 ce, daga 40 zuwa 50 kuma 10 ce, wato 0.286 na tafiyar. Mai gaggawa zai ɗauki 0.286 na tazarar miligiram 4, ya ƙara a kan 4, ya sami 5.1. Sai dai jikin ƙwaro ninkin guba yake ji: daga 1 zuwa 2 babban tsalle ne, daga 15 zuwa 16 kuwa kusan ba komai. Don haka da ninki ake lissafin:

```
LC50 = 4 × 2^0.286 ≈ 4.9 mg/L
```

Wannan ƙiyasi matakai biyu kawai ya duba. Rahoto na ƙwarai kan yi amfani da hanyar furobit, wadda Chester Bliss ya gabatar a 1934. Tana miƙar da lanƙwasasshen layin ta haɗa matakan, ta kuma ba da iyakar sama da ta ƙasa inda ake da yaƙinin kashi 95 cewa amsar tana ciki. Iyakoki masu faɗi sosai alama ce ta gwaji mai rauni.

Kafin a yarda da lambar, a fara leƙa kofunan shaida. Idan fiye da kashi 10 sun mutu a can, gwajin ya rushe, domin ba a san guba ce ta kashe sauran ba ko wahala. Haka nan idan iskar da ke narke a ruwan ta yi ƙasa da miligiram 3 a lita, shaƙewa na iya zama sanadi. Wasu sinadaran kuma sukan bi iska ko su manne a jikin kofi, shi ya sa ake auna ruwan a farko da ƙarshe. Irin ruwan ma yana da tasiri: tagulla ta fi illa a ruwa mai ƙarancin ma'adinai.

Mai karatu ya riƙe cewa ƙaramar lamba ita ce muguwar guba, kuma lambar awa 24 ba a gwama ta da ta awa 48. Babban kuskure shi ne ɗaukar duk abin da ke ƙasa da LC50 a matsayin marar haɗari. A misalin ɗalibar, miligiram 2 bai kai rabin 4.9 ba, amma ya kashe ɗaya cikin biyar a kwana biyu. Waɗanda suka tsira kuwa, ko za su ci gaba da haihuwa kamar da, sai gwajin kwana 21 na ƙa'ida ta 211 ne zai nuna.