Yadda Ake Rage Dogon Sakin Layin Farko Na Rahoto Ba Tare Da An Yar Da Gaskiya Ba

Mai kamfani ko shugaban ma'aikata yakan buɗe rahoto ne yana tsakanin taro da taro, waya na ƙara, wani kuma na jiran sa hannu. Abin da zai karanta da natsuwa shi ne sakin layin farko. Idan ya gama shi bai san abin da ya faru ba, bai kuma san abin da ake nema a wurinsa ba, sai ya ajiye takardar ya ce sai gobe. Abin takaicin shi ne galibi marubucin ya yi aikinsa, alƙalumansa daidai ne, sai dai ya binne su a ƙarƙashin godiya da tarihi.

Mu ɗauki misali na ƙirƙira, amma irin wanda ake gani kullum. Manajan wata masana'antar casar shinkafa ya rubuta wa hukumar daraktoci rahoton wata uku, ya fara kamar haka:

"Bayan gaisuwa mai yawa da godiya ga hukumar daraktoci bisa goyon bayan da take ba mu, kamar yadda kowa ya sani shinkafa abinci ce mai muhimmanci, kuma tun kafuwar wannan masana'anta muke ƙoƙarin ganin mun cika burin da aka sa mana, wanda a watannin Afrilu zuwa Yuni shi ne buhu 12,000, duk da cewa an fuskanci wasu ƙalubale, ciki har da ƙarancin shanshera a kasuwa da kuma tsayawar injin casa na kwana 12 a watan Mayu, lamarin da ya sa aka samu buhu 9,000, kuma injiniya ya duba ya ce gyara na dindindin zai ci kimanin naira miliyan 4, wanda zai yi kyau a duba kafin 15 ga Yuli ganin cewa akwai odar buhu 5,000 da aka yi alƙawarin kaiwa a watan Agusta, muna kuma yaba wa ma'aikata bisa haƙurinsu."

Jimla ɗaya ce tun daga sama har ƙasa, kuma babu ƙarya a cikinta. Amma kuɗin da ake nema sai can kusa da ƙarshe suka fito, aka kuma lulluɓe su da "zai yi kyau a duba", kamar shawara ce da za a iya bari sai an samu sarari.

Kada a fara da gogewa. Wanda ya fara da gogewa shi ne yake yar da ranar 15 ga Yuli tare da yabon shinkafa. A fara da biro: a ja layi a ƙarƙashin duk abin da za a iya bincika a tabbatar, wato adadi, rana, kuɗi, dalili da wanda ya faɗi magana, a sa wa kowanne lamba. A misalinmu za a samu tara: lokacin rahoton, burin 12,000, samun 9,000, ƙarancin shanshera, tsayawar injin na kwana 12 a Mayu, ƙiyasin injiniya na miliyan 4, wa'adin 15 ga Yuli, odar buhu 5,000, da watan kai ta. Abin da ba a ja wa layi ba, kamar "shinkafa abinci ce mai muhimmanci", daraktocin masana'antar shinkafa ba sa bukatar a faɗa musu.

Daga nan sai tambaya mai wuya: cikin taran nan, wanne ne idan mai karatu bai gani ba za a yi asara? Manajan zai iya cewa faɗuwar adadi, domin ita ce ta hana shi barci. Amma wannan ta riga ta wuce. Abin da daraktoci ke da iko a kai shi ne sakin kuɗin gyara kafin wa'adi. Shi zai hau gaba, sauran su biyo baya a matsayin hujja. Wannan tsari na fara kawo amsa kafin dalilai shi ne Barbara Minto, wadda ta yi aiki a kamfanin ba da shawara na McKinsey, ta koyar a littafinta The Pyramid Principle. 'Yan jarida ma haka suke gina labari. Ga sakin layin bayan gyara:

"Muna neman hukumar daraktoci ta amince da kimanin naira miliyan 4, bisa ƙiyasin injiniya, don gyara injin casa kafin 15 ga Yuli, domin mu iya cika odar buhu 5,000 ta watan Agusta. Daga Afrilu zuwa Yuni mun samar da buhu 9,000 maimakon 12,000. Dalilai biyu ne suka jawo haka: injin ya tsaya kwana 12 a Mayu, kuma shanshera ta yi ƙaranci a kasuwa."

Tsawon ya koma kusan rabi, kuma idan aka bi lambobin ɗaya bayan ɗaya, duk taran suna nan. Wannan bi da ƙirga wajibi ne. Kowace lamba ko dai tana cikin sabon sakin layin, ko an mayar da ita cikin rahoton a wurin da aka sani, ko an cire ta da gangan bisa dalilin da marubuci zai iya faɗa idan an tambaye shi.

Amma ƙirga kaɗai ba ya kama kowace ɓarna, kuma a nan ne nake ganin an fi yin kuskure. Akwai ƙananan kalmomi da suke kama da ciko alhali su ne ke riƙe da gaskiyar magana. A cire "kimanin" da "bisa ƙiyasin injiniya", sai miliyan 4 ta zama farashin da manaja ya yanke da bakinsa. Ranar da gyara ya ci miliyan 5, shi za a tuhuma. Haka nan idan aka ji daɗin gajarta aka rubuta "mun gaza da buhu 3,000 saboda injin ya lalace", an ɗora wa injin laifin da ba nasa duka ba. A ce masana'antar na fitar da buhu 150 a rana: kwana 12 buhu 1,800 ke nan. Sauran 1,200 na ƙarancin shanshera ne. Daraktoci za su saki kuɗi suna zaton matsala ta ƙare, wata uku masu zuwa su sake ganin giɓi. Ko lissafin kaso yakan zame a hannu: 3,000 cikin 12,000 kashi 25 cikin ɗari ne, amma wanda ya auna da 9,000 zai rubuta kashi 33. Idan ana shakka, a bar ainihin adadin buhunan.

Sai maganar gaisuwa. Ba na goyon bayan a kore ta, domin takardar da ta faɗa wa manya babu sallama tana iya zama rashin ladabi a idonsu, su karanta ta da ɓacin rai. Wurinta ne za a canza: layi ɗaya a sama, ko a wasiƙar da ke rakiyar rahoton. Yabon ma'aikata kuwa ya fi amfani a sashen da ke bayanin yadda suka yi aiki lokacin da injin ya tsaya, inda za a faɗi takamaiman abin da suka yi.

Kafin a tura, a ba wa abokin aiki da bai san zancen ba sakin layin kaɗai, ya karanta sau ɗaya, a karɓe takardar. A tambaye shi me ake nema, nawa ne, zuwa yaushe, kuma me ya jawo. In ya ce injin ne kawai ya jawo faɗuwar, ko ya kasa tuna ranar, a koma kan jimlar da ta ɗauki wannan bayani a sake ta.