Ana Neman Direban Kai Kaya: Abin Dubawa Kafin a Buga Waya

A Kantin Kwari da Kasuwar Singa a Kano, mai saye yakan turo kuɗi ta waya ya zauna jiran kayansa a gida. Shi ya sa sanarwar neman direbobin kai kaya ta yawaita a jikin shaguna da bangon tashoshi. Ba ta cika wuce layi biyar ba, amma kowane layi na da nauyi.

Lasisi ake fara ambata. A Najeriya aji-aji ne: ajin A na mai babur ne, ajin G kuwa na direban tirela. Sanarwar kirki takan faɗi ajin da take so da irin abin hawan da za a tuƙa. Lasisin yakan yi shekara 3 ko 5, kuma wanda wa'adinsa ya ƙare ba ya fid da mutum a hannun jami'an kiyaye haɗurra.

Sai lokacin aiki. "Daga safe zuwa yamma" ba bayani ba ne, domin yammar wani mai gida tana kaiwa bayan isha'i. Dokar ƙwadago ta ba wanda ke aikin awa 6 ko fiye hutun aƙalla awa ɗaya, da yini guda a kowane mako.

Wajen biya ne aka fi cin gumin matasa. Wasu masu gida albashin wata suke bayarwa, wasu kuma kowane saƙo da kuɗinsa. A ƙaddara sanarwa ta ce naira 500 kan kowane saƙo, direba kuma ya kai 12 a rana. Ya tashi da naira 6,000, wato 156,000 a kwanakin aiki 26. Kuɗi ne mai kyau a ido. To amma idan shi zai sha man naira 2,500 kullum, 65,000 sun tafi, saura 91,000, ba a yi maganar faci da bakin mai da katin waya ba. Ranar da ciniki ya yi sanyi kuwa, nasa aljihun ne zai ji. Mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024 bai shafi mai aikin kamasho ba, haka ma wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba.

Idan an kira lambar, sallama da gabatar da kai su ne farko: suna, unguwa, ajin lasisi da shekarun tuƙi. Daga nan sai tambayoyi. Wa ke sayen mai? Wa ke biya idan kaya suka fashe a hanya? Ina ofishin yake? Kusan duk mai ɗaukar aiki zai nemi wanda zai tsaya wa direba, wannan ba abin mamaki ba ne. Amma wanda ya ce a turo kuɗin fom kafin a ga ofishinsa, a kashe waya kawai.

Duk abin da aka amince a waya, direba ya nemi a rubuta masa a takarda kafin ya karɓi makulli.