Me Ya Sa PDF Ke Buɗewa Da Ƙananan Rubutu A Wayarka?

An turo maka takardar darasi a WhatsApp, ka buɗe, sai ka tarar da rubutun kamar sahun tururuwa. Wani fayil ɗin kuma ya buɗe da girma har kusurwa ɗaya kawai kake gani. Ba wayarka ce ta lalace ba. Shi PDF kamar takarda ce da aka riga aka buga: faɗinsa da tsawonsa a ƙayyade suke, layukansa ba sa karyewa su bi girman sikirin yadda shafin intanet ke yi. Abin da manhaja ta fi yi shi ne ta rage shafin ko ta ƙara shi, kuma hanyoyi uku aka fi sani.

Fit Width na jan shafin har faɗinsa ya cika faɗin sikirin, sauran kuma ka ja ƙasa ka gani. Fit Page na rage shi har ya shiga gaba ɗaya daga sama zuwa ƙasa. Actual Size, wato 100%, ba ruwansa da girman sikirinka, girman takardar yake bi.

Mu ɗauki takardar A4, mai faɗin santimita 21 da tsawon 29.7, da waya mai inci 6.5, wadda sikirinta ke da faɗin kusan santimita 7 da tsawon 15. Idan ka riƙe wayar a tsaye, dole a matse 21 cikin 7, wato shafin ya koma kashi ɗaya bisa uku. Rubutu mai girman 12 zai zama kamar 4. Tsawon shafin ma zai koma kusan santimita 10, wanda ya shiga cikin 15 har da ragowa. Shi ya sa a waya a tsaye Fit Width da Fit Page abu ɗaya suke nunawa, ka yi ta sauyawa ba ka ga bambanci ba.

Yanzu kwantar da wayar. Faɗin ya zama 15, don haka Fit Width zai ba ka kusan kashi 70 cikin 100, rubutun 12 ya koma kamar 8 da rabi, wanda ido ke iya karantawa. Fit Page kuwa a nan ya fi muni, domin zai cusa tsawon 29.7 cikin 7. A ganina, kunna Auto-rotate da kwantar da wayar ya fi duk wani jan sikirin da yatsu biyu da za ka yi ta yi a kowane layi.

Actual Size kuma sunansa na yaudara. Manhajar ba lallai ta san ainihin girman gilashinka ba, ƙiyasi take yi, don haka idan ka ɗora ruli a kai ba dole ka samu santimita 21 ba. Amma yana tona asirin fayil ɗin da aka haɗa ba daidai ba. PDF na auna shafi da ɗigo 72 a kowane inci. Idan aka ɗauki hoton takarda mai faɗin fikzal 3000, manhajar da ta mayar da shi PDF kuma ta ɗauki kowane fikzal a matsayin ɗigo ɗaya, shafin zai kai faɗin inci 41 da ɗoriya, fiye da mita ɗaya. A 100% kusurwa kawai za ka gani. Maganinsa Fit Width, ko a sake haɗa fayil ɗin a zaɓi A4.

Wani lokacin kuma umarnin a cikin fayil ɗin yake. Wanda ya shirya shi na iya saka girman da zai buɗe da shi, a Adobe Acrobat ana yin haka a Initial View cikin Document Properties. Wasu manhajoji na bin umarnin, wasu na watsi da shi, shi ya sa fayil ɗaya ke buɗewa daban a wayarka da kwamfutar kafe. Idan kana kan kwamfuta da Acrobat Reader, Ctrl+0 na nuna shafi gaba ɗaya, Ctrl+1 na ba da 100%, Ctrl+2 kuma Fit Width.

Inda zaɓin ke cin kuɗi shi ne wajen bugawa. A tagar Print ta Acrobat akwai Fit da Actual size, kuma ba su da alaƙa da girman da kake gani a sikirin. Fit kan ɗan rage shafin don kada firinta ta yanke gefe. Ga takardar darasi babu matsala, amma fom mai gurbin hoton fasfo ko kati mai ƙayyadadden awo, ka ce wa mai kafe ya zaɓi Actual size, ya kuma tabbatar takardar A4 ce aka saita, ba Letter ba, wadda ta fi A4 faɗi kaɗan amma tsawonta 27.9 ne kawai.