Yadda ƙwayar cuta ke samun laƙanin bijire wa magani: daga hanjin saniya zuwa cikin mutum

Duk wanda ya san kasuwar Tsamiya a ƙaramar hukumar Bagudo ya san dabbobi ba su san iyaka ba. Garken da ya kwana a Ka'oje zai iya wuni a dajin Segbana ta Jamhuriyar Benin, kuma a jakar makiyayi da wuya ka rasa kwalbar oksitetarasaikilin, allurar da ake yi wa saniya da zarar ta daina cin ciyawa. Da allurar ta daina aiki sai a ce jabu ce, ko a ce cutar ta saba da ita. Jabun magani akwai shi. Amma batun sabo yana bukatar gyara, domin sau da yawa ƙwayar bakteriya ba koyon jure magani take yi a hankali ba. Karɓar dabarar take yi a shirye daga wata ƙwayar.

Kowace bakteriya tana ɗauke da zaren gado, wanda likitoci ke kira DNA, a cikinsa aka rubuta duk abin da take iya yi. Wani guntu na zaren yana sa ta ƙera famfon da ke fitar da tetarasaikilin waje kafin ya yi mata illa. Wani yana sa ta samar da sinadarin da ke farfasa ampisilin. Mutum daga iyayensa kaɗai yake gado. Bakteriya kuwa tana samu daga maƙwabciyarta, ko da ba jinsinsu ɗaya ba, ta hanyoyi uku.

Wadda ta fi ɓarna ita ce ta haɗa jiki, konjugeshan a bakin masana, wadda Joshua Lederberg da Edward Tatum suka gano a 1946. Ban da babban zarenta, bakteriya kan riƙe wani ƙaramin zobe na gado mai zaman kansa, filasmid. Mai zoben tana miƙa wani siririn gashi ta kamo wadda ba ta da shi, ta jawo ta jikinta, ta tura mata silin zoben guda, kowaccensu ta saƙa silin da ya rage. Cikin 'yan mintoci an gama. Kamar malami ne ya ba almajiri laƙani: mai bayarwa bai rasa nasa ba, wanda ya karɓa kuma gobe zai ba wani.

Mu bi saniya guda. A hanjinta akwai E. coli masu ɗimbin yawa, akasarinsu ba sa cutar da ita, ƙalilan ne ke da zoben da ke ɗauke da kariya daga maganin. An yi mata allura. Maganin ya kashe marasa kariya ko ya hana su hayayyafa, fili ya zama na masu zoben. Idan yanayi ya yi mata daɗi, E. coli tana rabuwa biyu duk minti 20, wato guda ɗaya ta haura miliyan biyu cikin awa bakwai. Saniyar ta yi kashi a mashaya, a gaɓar Kwara kusa da Lolo ko a wani tafkin damina, yarinya ta ɗebi ruwan, an sha a gida. Ƙwayar ta shiga hanjin mutum ta zauna shiru, ba zazzaɓi ba gudawa. Ranar da ƙwayar atini ko wata Salmonella ta shigo wannan hanjin, tana iya karɓar zoben a nan.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne zobe ɗaya yakan ɗauki kariya daga magunguna da yawa. Likitocin Japan ne suka fara ganin haka a shekarun 1950, lokacin da ƙwayar atini ta Shigella ta bayyana tana bijire wa magunguna huɗu a tare, kuma a 1959 suka nuna tana musayar wannan ƙunshin da E. coli. Saboda haka allurar tetarasaikilin da aka yi wa saniya tana iya raya zoben da zai hana saftirin ko ampisilin aiki a jikin yaron da bai taɓa shan ko ɗayansu ba.

Kwalara ma ta bi wannan hanya. A cikin ƙwayar da ta ɓulla a Indiya a 1992 aka gano wani ƙunshin gado mai suna SXT, wanda ke kare ta daga saftirin da wasu magunguna, kuma an same shi a ƙwayoyin annobar da ta auka wa Najeriya a 2009 da 2010. A 2004 masu bincike a Boston suka nuna cewa sifirofuloksasin, idan ya raunata zaren gadon ƙwayar bai kashe ta ba, yana ƙara zuga ƙunshin ya tsallaka zuwa wata. Wannan ya isa dalilin da zai hana mai kemis sayar wa mai gudawa ƙwaya biyu ko uku gwargwadon kuɗin hannunsa.

Hanya ta biyu tsintuwa ce, tiransifomeshan. Idan bakteriya ta mutu ta fashe, guntayen zarenta suna watsewa, wasu nau'o'in kuma suna iya zuƙe su su ɗinke a nasu. Frederick Griffith ya ga alamar haka a 1928 a Ingila: ya haɗa matattun ƙwayoyin ciwon huhu masu kisa da rayayyu marasa kisa ya yi wa ɓeraye allura, ɓerayen suka mutu. Ba kowace bakteriya ke iya wannan ba, kuma guntun ba ya kamawa sai ya yi kama da nata, don haka tsakanin dangi abin yake tsayawa. Amma cikin gwanayensa akwai ƙwayoyin ciwon huhu, da ciwon sanyi, da sanƙarau wanda Kebbi ta san zafinsa. Ƙwayar ciwon huhu ta tsinci guntaye daga 'yan uwanta da ke zaune lafiya a bakin mutum, ta sauya gurbin da fenisilin ke kamawa.

Ta uku, tiransidakshan, kuskuren ɗan dako ce. Akwai bairos da bakteriya kaɗai suke kamawa. Wani lokaci sabon bairos yakan cusa guntun zaren bakteriyar a kansa maimakon nasa, ya kai wa ta gaba. Norton Zinder da Lederberg suka gano haka a Salmonella a 1952. Kan bairos ƙarami ne, kowanne kuma yana da irin da yake kamawa, amma wannan hanya tana da ƙarfi a Staphylococcus aureus mai haddasa maruru da ciwon hantsar shanu.

A ɗakin gwaji ana rarrabe hanyoyin uku cikin sauƙi. A raba ƙwaya mai bayarwa da mai karɓa da matacin da bakteriya ba ta iya wucewa: idan musaya ta tsaya, haɗa jiki ce. A zuba sinadarin da ke narkar da zaren da ke yawo tsirara: idan ta tsaya, tsintuwa ce. Idan ta tsallake duka biyun, bairos ne ya yi dako.

Majinyaci kuwa gwajin da ya shafe shi wani ne. Ana shuka ƙwayar daga fitsari, bahaya ko mugunya a faranti, a ɗora ƙananan takardu masu ɗauke da magunguna, a bar shi awa 16 zuwa 18 a ɗumin da ya kusa na jiki. Maganin da ke aiki yana barin fili fayau kewaye da takardarsa, a auna faɗinsa da milimita. Inda ƙwayar ta tsiro har jikin takardar, wannan magani asarar kuɗi ne. Wanda ya sha kashi ɗaya cikakke bai samu sauƙi ba, wannan gwajin ya kamata ya nema kafin ya sayi na biyu, haka ma makiyayin da hantsar saniyarsa ta ƙi warkewa ya kai nonon wurin likitan dabbobi.